Na sayi hannun jari mai P/E 3, yau ya koma 12 kuma farashi ya faɗi

Assalamu alaikum. Ni ɗan fansho ne. Bara na cire naira miliyan 1.2 daga kuɗin sallamata na sayi hannun jari 50,000 na wani kamfanin sarrafa kayan abinci, kowanne a kan naira 24. Abin da ya ja ni shi ne manhajar da nake amfani da ita ta nuna P/E ɗinsa 3, kuma an ce mini in lambar ta yi ƙasa to kaya ya yi arha. Yau farashin ya sauko naira 18, amma P/E ya koma 12. Yaya abu zai faɗi kuma a ce ya ƙara tsada? Wani abokina ya sayi mai P/E 20, nasa sai hawa yake yi. Ga hoton shafukan rahoton kamfanin na haɗo. In sayar, ko in ƙara saye?

Ɗan fansho, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Na zauna da shafukan da ka turo na bi su layi-layi, kuma amsar abin da ya ɗaure maka kai tana cikinsu. Sai dai kafin mu buɗe su, bari mu daidaita a kan abin da wannan lamba take aunawa, domin wanda ya ce maka ƙaramar lamba arha ce rabin magana ya gaya maka.

Ka san lissafin da masu sayen gidan haya suke yi. In an yi wa mutum tayin gida a kan naira miliyan 12, tambayarsa ta farko ita ce nawa ake karɓa haya a shekara. Aka ce miliyan 1, sai ya ce to shekara 12 ke nan kafin gidan ya mayar da kuɗinsa. Wannan lissafin shi ne P/E, ba wani abu daban ba. Ana ɗaukar ribar da kamfani ya ci a shekara bayan an cire haraji, a raba ta da yawan hannayen jarin da ke hannun jama'a, sai a sami ribar da ta hau kan kowane hannun jari ɗaya. Ita ce za ka ga an rubuta EPS a ƙasan shafin riba. Sai a raba farashin kasuwa da ita.

P/E = farashin hannun jari ÷ EPS

Ke nan lambar tana gaya maka naira nawa kake biya domin ka mallaki naira ɗaya ta ribar shekara. P/E 12 na nufin ka biya naira 12 a kan kowace naira ɗaya ta riba. In ka juya lissafin, ka raba 100 da lambar, sai ta ba ka kason da kuɗinka yake samarwa a shekara: 12 ya ba da kusan kashi 8 cikin ɗari, 20 ya ba da kashi 5, shi kuwa 3 ya ba da kashi 33. Ni na fi son wannan juyin, domin da shi ne za ka iya jera hannun jari kusa da hayar gida ko sukuk, wato takardar saka jari mai bin tsarin Musulunci da ake biyan haya a kanta, ka ga wanne ya fi. Sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, alal misali, kashi 16.47 ya riƙa biya a shekara. Mutumin da ya karɓi kashi 8 a hannun jari alhali ga irin wannan a gefe, to yana sa ran ribar kamfanin za ta riƙa ƙaruwa ne, ita kuwa hayar sukuk a tsaye take har wa'adinta ya cika.

A cikin lissafin mai gida akwai wani zato da ba ya faɗa a fili, wato hayar da aka karɓa bara ita za a ci gaba da karɓa. In zaton ya tabbata, lissafin ya yi kyau. Amma ka ɗauka miliyan ɗayan nan ba haya ba ce duka, a ce dubu 800 daga ciki kuɗin tsofaffin kwanukan rufi da katako ne da mai gidan ya sayar bayan ya yi gyara. Hayar gaskiya dubu 200 ce ke nan, kuma gidan ba shekara 12 zai yi ba, shekara 60 zai yi. Farashin yau kowa yana ganinsa, ba a yi maka ƙarya a kansa. Ribar da ake raba shi da ita kuwa ta shekarar da ta wuce ce, kai kuma da ka saya bara ba ka da rabo sai a ribar shekarun da ke gaba. Kusan duk inda P/E ya ɓatar da mutum, ta wannan ƙofar ya shigo.

To mu buɗe shafukanka. Kamfanin yana da hannun jari miliyan 500. A shekarar da manhajar ta yi lissafi da ita, ribarsa bayan haraji naira biliyan 4 ce. Raba biliyan 4 da miliyan 500, ka sami naira 8. Raba 24 da 8, ga 3 ɗinka. Manhajar ba ta yi kuskuren lissafi ba ko kaɗan. Yanzu ka ɗaga idonka sama kaɗan a wannan shafin, zuwa layin da aka rubuta Other income, wato kuɗin da suka shigo ba daga ainihin sana'a ba. A shekarar da ta gabaci wannan, abin da ke layin bai taka kara ya karya ba. A wannan shekarar sai ya yi tsalle zuwa biliyoyi. Kusa da shi akwai 'yar lamba da take aika ka zuwa bayanin da ke bayan rahoton, kuma Allah ya taimake mu wannan shafin yana cikin waɗanda ka ɗauko. Abin da ya ce shi ne kamfanin ya sayar da wani tsohon fili da rumbunan ajiyar da ke kansa. Filin an saye shi tun da daɗewa, a littafin kamfanin yana nan da tsohon farashinsa, saboda haka kusan duk kuɗin da aka karɓa ya shiga a matsayin riba. Bayan an cire harajin da ya hau kansa, abin da ya rage ya kai wajen biliyan 3.2.

Cire biliyan 3.2 daga biliyan 4. Saura miliyan 800. Wannan ita ce ribar da injinan kamfanin da ma'aikatansa da motocinsa suka samo daga sana'ar da aka san shi da ita. Raba ta da miliyan 500, kowane hannun jari ya tashi da naira 1.60. Raba 24 da 1.60, sai ka ga 15. Malam, ranar da ka saya, P/E na gaskiya 15 ne. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, kuma manyan masu saye da ke karanta rahoto sun san haka, shi ya sa ba su yi rububin kayan ba. Da a ce da gaske kamfanin yana cin naira 8 a kan kowane hannun jari duk shekara, da ba ka same shi a 24 ba.

Shekarar da ta biyo baya babu filin sayarwa. Riba ta tsaya a miliyan 750, wato naira 1.50 a kan kowane hannun jari. Raba 18 da 1.50, ga 12. Yanzu ka jera su yadda ya kamata: bara 15, bana 12. Kayan bai ƙara tsada ba, sauƙi ma ya yi. Sana'ar kanta ta ja baya ne da kusan kashi 6 cikin ɗari, daga 800 zuwa 750, farashi kuma ya faɗi da kashi 25. Ina so ka riƙe wannan da kyau, domin in ka ci gaba da kallon 3 da 12 za ka ɗauka kamfanin ya rushe ne, ka fita a guje, alhali abin da ya faru bai kai haka ba.

Kada ka ga kamar kai kaɗai irin wannan lamba ta taɓa ruɗawa, ko kuma sai a ƙananan kamfanoni take faruwa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya saki naira. Dala da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, ta kai wajen 900 a ƙarshen shekarar. Manyan bankunan da dukiyarsu ta dala ta fi bashin dalar da ke kansu yawa sai suka wayi gari da riba ta ɗaruruwan biliyoyi, ba don sun ƙara abokan ciniki ba, sai don dalar da ke littafinsu an sake ƙirga ta da sabon farashi. Da rahotannin 2023 suka fito, P/E na wasu daga cikin manyan bankunan ƙasar nan yana tsakanin 1 da 3. Wanda ya tsaya a lambar sai ya ce cikin shekara biyu kuɗinsa ya dawo.

Duba abin da ya biyo baya. Tun a watan Satumban 2023 Babban Bankin ya hana bankuna raba wa masu hannun jari wannan ribar ta canji ko kashe ta a hidimomin yau da kullum. A watan Maris na 2024 ya umarce su da su ƙara jari, bankin da ke da lasisin ƙasa da ƙasa ya kai naira biliyan 500, aka ba su zuwa ƙarshen Maris na 2026. Hanyar da yawancinsu suka bi ita ce fitar da sabbin hannayen jari, kuma ka ga duk lokacin da hannaye suka ƙaru a cikin kwano, lomar kowa raguwa take yi: riba ɗaya za a raba wa mutane da yawa, EPS ya sauka. Sannan a watan Yulin 2024 majalisar ƙasa ta amince da harajin kashi 70 cikin ɗari a kan ribar canjin da bankuna suka tabbatar. Duk waɗannan babu wanda ya fito a cikin lambar P/E. Adalci kuma shi ne in faɗa maka ɗaya ɓangaren: da yawa daga cikin hannayen jarin bankunan nan sun tashi daga baya, saboda kuɗin ruwa ya hau sosai a 2024 sun ci wata ribar ta nan. Ke nan ƙaramar lamba ba kullum take zama tarko ba. Wani lokaci da gaske kasuwa ta raina kaya. Amma wanda ya ci a nan, in da ilimi ya ci, to sai da ya ware ribar canji gefe ya auna abin da ya rage. Na kawo bankuna ne don misalinsu a fili yake, ba ina tura ka gare su ba. Hukuncin saka kuɗi a bankin da ke mu'amala da ruwa magana ce ta malamai, kuma ka san inda za ka same su.

Faɗuwar nairar nan da ta kumbura ribar bankuna ita ce ta yi wa wasu kamfanonin akasin haka, kuma a nan ne maganar abokinka take shigowa. MTN Najeriya ta bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, sannan wajen biliyan 400 a 2024. Mutane ba su daina sayen kati da data ba, cinikinta ƙaruwa ma ya yi a duka shekarun. Abin da ya cinye ta shi ne bashi da kuɗin hayar turakun sadarwa da suke ɗaure da dala. In kamfani ya yi asara, P/E ba ya ba da ma'ana, shi ya sa manhaja take barin gurbin fayau, ko ta rubuta N/A, ko ta sa lamba mai alamar ragi. Mai zaɓen kaya da P/E kaɗai ba zai ko kalli wannan kamfanin ba a lokacin. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, naira ta ɗan natsu, kamfanin ya dawo cin riba.

Haka abin yake in ribar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, ta dai ƙanƙance. Kamfanin da ya saba cin naira 5 a kan hannun jari, wata shekara ta zo masa da matsala ya ci naira 2, in farashinsa 40 ne za ka ga P/E 20. In matsalar mai wucewa ce ya koma naira 5, to a 8 ka saye shi. Akwai kuma wanda ribarsa take ƙaruwa da gaske. In ka saya a P/E 20 kuma riba tana ƙaruwa da kashi 30 duk shekara, bayan shekara uku ta ninka har da ɗoriya, kuɗin da ka biya ya koma kamar P/E 9. Ɗaya daga cikin biyun nan zai iya zama labarin abokinka. Zai kuma iya zama cewa jama'a ne kawai suke ɗoki, kowa yana saye don ya ga ana saye. Hanyar ganewa ɗaya ce: ya duba ko EPS ɗin kamfanin yana hawa tare da farashin. In farashi kaɗai ke tafiya ribar tana zaune, to abin da ya samu ya dogara ne da samun wanda zai saya a hannunsa da tsada, kuma babbar lamba ba ta yafiya ranar da ribar ta kasa cika alkawari.

Wani wurin da nake so ka yi hattara, tunda kamfanin abinci ka saya, shi ne sana'o'in da ribarsu take hawa da sauka da farashin kaya. Tambayi duk wanda ya yi ajiyar hatsi a Dawanau. Wanda ya sayi masara da kaka a 2023 ya sayar a 2024 ya ga riba irin wadda bai saba gani ba. Da yawa daga waɗanda suka ga haka suka cika rumbu da tsada, sai farashi ya karye a 2025. In da za ka sayi kasuwancin ɗan hatsin nan a kan ribarsa ta shekara mai kyau, da ka biya kuɗin da ba zai dawo ba. Kamfanonin da ke sarrafa hatsi, sukari, manja ko siminti suna da irin wannan juyi, kowanne da nasa dalilin. Abin da ke ruɗarwa shi ne P/E ɗinsu ya fi yin ƙasa daidai lokacin da ribar ta kai ƙololuwa tana shirin saukowa, ya fi yin sama kuma lokacin da ta kai ƙasa tana shirin farfaɗowa. Maganin da aka saba shi ne a tara EPS na shekara biyar a raba biyar, a auna farashi da matsakaicin. Rahoton shekara na kamfanonin Najeriya yakan zo da shafin taƙaitaccen lissafin shekara biyar a can ƙarshe, saboda haka aikin bai wuce na minti goma ba. Sai dai a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024, nairar shekara biyar baya ba ita ce ta yau ba. Matsakaicin zai nuna maka ribar ƙasa da yadda take. Shi ya sa nake haɗawa da duba kason riba a cikin ciniki, wato a kowace naira 100 da kamfanin ya sayar, nawa ta zama riba. In ya saba tsira da naira 5 sai ga shekara ɗaya ya tsira da 15, to wannan shekarar ba ita ce ma'auni ba.

Wannan batun hauhawar farashi ya shafi kamfaninka kai tsaye, kuma shi ne abin da ya fi damuna a shafukanka, fiye da labarin filin. Daga miliyan 800 zuwa 750 a takarda ƙaramin ja da baya ne. Amma a shekarar da kuɗin komai ya tashi, kamfanin da ribarsa ta tsaya cik a naira ya koma baya sosai a zahiri. Alama ce ta cewa kuɗin ɗanyen kaya da man dizal da sufuri suna hawa fiye da yadda yake iya ƙara wa kayansa kuɗi. P/E 12 arha ce ga kamfanin da yake iya ɗora wa mai saye ƙarin tsadar. Ga wanda ba ya iyawa, 12 ma ta yi yawa.

Saura abubuwa biyu da lambar ba ta gani sam, kuma shafukan da ke nuna su ba sa cikin waɗanda ka turo. Na farko bashi. Gidaje biyu za su iya kawo haya iri ɗaya, amma ɗaya an jinginar da takardarsa. Kamfanoni biyu masu P/E 12, ɗaya ba a bin sa ko sisi, ɗaya kuma bashin banki ya kai rabin dukiyarsa, ba kaya ɗaya ba ne. Mai bashin, in kuɗin ruwa ya ƙara hawa ko naira ta sake faɗuwa alhali bashin na dala ne, ribar da kake lissafi da ita za ta iya ƙarewa cikin wata shida. Na biyu tsabar kuɗi. A ƙa'idar akanta, da zarar an miƙa kaya an rubuta ciniki, ko an biya ko ba a biya ba. Ɗan kasuwar da ya raba kaya bashi a gari zai iya nuna maka littafi cike da riba, aljihunsa kuma babu na cefane. Ka nemi shafin da aka rubuta Statement of cash flows, ka duba kuɗin da suka shigo daga ainihin sana'a. In shekara bayan shekara suna kusa da ribar da aka bayyana ko sun fi ta, hankali ya kwanta. In riba tana miliyan 750 amma kuɗin da ya shigo bai kai rabi ba, kuma bashin da kamfanin yake bin 'yan kasuwa yana ta kumbura, to EPS ɗin nan na takarda ne.

Yanzu ga shawarata a kan tambayarka. Kada ka ƙara saye a yanzu. Dalilin da ya sa ka shiga tun farko, wato lamba 3, mun ga ba ta taɓa zama gaskiya ba, kuma ba ka riga ka sami sabon dalili ba. Ƙara saye don kawai a rage matsakaicin farashin da aka saya, zuba kuɗin sallama ne a kan fata. Kada kuma ka sayar gobe da safe don haushin naira dubu 300 da ta ragu. Naira 24 da ka biya ta wuce, kasuwa ba ta san da ita ba. Tambayar da ke gabanka ita ce: in da yau dubu 900 ce a hannunka tsaba, za ka sayi wannan kamfanin a kan naira 18?

Ga yadda za ka auna. Rabonka a ribar bana shi ne 50,000 sau 1.50, naira dubu 75. Ba duka za a ba ka ba. In kamfanin yana raba rabin ribarsa, naira 37,500 ke nan, a cire harajin kashi 10 cikin ɗari da ake cirewa kafin a biya, ya rage 33,750. A kan dubu 900, bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. Ga matashi mai albashi da zai iya jira shekara goma, wannan ba laifi in kamfanin yana girma. Ga ɗan fansho da yake son abin da zai taimaka wa cefane da kuɗin makaranta, kaɗan ne ƙwarai, sai fa in akwai hujjar cewa ribar za ta tashi.

Hujjar kuwa tana wuri ɗaya: ina kuɗin filin suka tafi? Biliyan 3.2 a kan hannun jari miliyan 500 naira 6.40 ce a kan kowanne, fiye da kashi ɗaya bisa uku na farashin yau. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi zai iya juya hukuncin gaba ɗaya. In kuɗin suna nan a ajiye kuma babu bashi mai nauyi, to a cikin naira 18 ɗin nan 6.40 tsabar kuɗi ce, sana'ar kanta kana riƙe da ita a kan 11.60, wato P/E ƙasa da 8, kuma zan ce ka riƙe. In an biya bashi da su, ya kamata ka ga layin Finance costs, wato abin da ake kashewa a kan bashi, yana sauka a rahotannin wata uku-uku na bana, ribar kuma ta fara ɗagowa. In an sayi sabbin injina, ka ba su shekara ɗaya ka ga ko ciniki ya ƙaru fiye da hauhawar farashi. In an raba wa masu hannun jari kafin ka shigo, to ka sayi saniya ne bayan an tatse ta. Wanda ya fi muni shi ne ka duba ka ga kuɗin babu, bashi bai ragu ba, ba a gina komai ba, sun narke a cikin hidimar yau da kullum ko an ranta wa wani kamfani na masu kamfanin. In haka ka gani, ka sayar, ko da a 18 ne, kada ka jira ya koma 24.

Rahotannin nan kyauta ne. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta NGX wajibi ne su fitar da lissafinsu duk wata uku, kuma ana saka su a shafin kasuwar. In neman zai yi maka wahala, dillalinka ya turo maka, haƙƙinka ne a kansa. Daga yau kuma duk lambar da manhaja ta nuna maka, ka sake lissafa ta da hannunka daga rahoto na baya-bayan nan, domin wasu manhajojin sukan daɗe suna amfani da ribar tsohuwar shekara bayan sabuwa ta fito. In za ka kwatanta, ka kwatanta kamfanin abinci da ɗan'uwansa na abinci, da kuma lambarsa shi kansa a shekarun baya. Jera shi da banki ko kamfanin sadarwa ba zai gaya maka komai ba.

Ka turo mini shafuka uku: na dukiya da bashi, na shige da ficen tsabar kuɗi, da na taƙaitaccen lissafin shekara biyar. Ka haɗo da takardar da ke nuna ko an biya ka rabon riba tun da ka saya, da nawa aka biya. Kafin su iso, sauran kuɗin sallamar su zauna inda suke.